Cire cingam daga darduma: a fara da sanyi, mai ya zo daga baya

Bayan suna ko biki, idan aka zo naɗe shimfiɗun da aka baza a zaure da tsakar gida, da wuya a rasa darduma ɗaya da aka taka cingam a kanta. Wani yaro ya tauna ya yar, wani ya bi ta kai da ƙafa, kafin a lura ya shige cikin saƙar ya lafe. Abin da hannu yake fara kaiwa gare shi shi ne ruwa da omo da buroshi, in bai fita ba a ɗauko kananzir, in ya ƙi a ɗauko reza. Duka ukun suna iya lalata darduma fiye da yadda cingam ɗin ya lalata ta, kuma wannan abin takaici ne, domin darduma mai kyau ba kullum ake saye ba. Aikin yana da tsari, kuma tsarin ya taso ne daga sanin abin da aka yi cingam da shi.

Cingam kashi biyu ne. Akwai sukari da ƙamshi, waɗanda suke narkewa a baki su tafi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma danƙon da ya rage, wanda shi ne ake yarwa. A da ana samun wannan danƙo daga ruwan wata bishiya ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta, amma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka koma haɗa shi daga dangin roba, tare da kakin da ke tausasa shi. An yi shi ne musamman don kada yawu ya narkar da shi. A nan ya bambanta da ƙaron dakwara da aka sani a Jigawa: ƙaro idan ya kwana a ruwa narkewa yake yi, cingam kuwa ko mako ya yi a ruwa yana nan yadda yake. Shi ya sa wanki ba ya fitar da shi. Ruwan omo yana wanke dauɗar da ke kewaye, buroshi kuma yana baje danƙon ya faɗaɗa wurin, sai tabon da bai fi murfin kwalbar lemo ba ya koma kamar tafin hannu.

Abubuwa biyu ne suke canza halin wannan danƙo. Na farko zafi da sanyi. An tsara shi ya yi laushi a zafin baki, wato wajen digiri 37 a ma'aunin Selshiyos. Da ya sauka ƙasa da haka sosai sai ya fara tauri, idan ya kusa sanyin ƙanƙara sai ya daina miƙewa, ya koma abin da yake tsagewa ya ɓalle. Na biyu mai da danginsa. Man gyaɗa da kananzir suna shiga jikin danƙon su sassauta shi, har ya saki zaren da ya kama. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin nan biyu shi ne gaba ɗayan maganar. Sanyi yana tattara cingam wuri ɗaya ya mayar da shi dunƙule da za a iya ɗauke shi. Mai yana narkar da shi ya mayar da shi ruwa-ruwa mai malala. Idan aka zuba mai a kan cikakken dunƙule, an narkar da cingam mai yawa a tsakiyar zare mai tsotsa, zai nutse ƙasa ya bazu gefe. Idan aka fara ɗauke kusan duka da sanyi, ɗan abin da ya rage ɗigo kaɗan na mai ya ishe shi.

Yanayinmu ba ya taimakawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano da Jigawa yake haura digiri 40, cingam ɗin da ke kan darduma ya fi wanda ke cikin baki laushi. Duk taɓawa a wannan lokaci ƙara tura shi ciki take yi. Don haka matakin farko shi ne a ɗaga dardumar daga hanyar mutane, a kai ta inuwa, kada a naɗe ta. Naɗewa tana manna cingam ɗin da ɗaya ɓangaren, a tashi da tabo biyu. Idan dole sai an naɗe, a rufe wurin da 'yar leda mai santsi tukuna. Kada a sa takarda, domin tana maƙalewa ta yage ta ƙara aiki. Kuma babu gaggawa. Cingam ba kamar shayi ko miya ba ne da suke rina zare in an jinkirta. Wanda ya kwana uku a inuwa ba a taka shi ba bai fi na yau wuyar fita ba, sau da yawa ma ya fi sauƙi. Ya fi kyau a jira ranar da za a sami ƙanƙara da a afka masa yau da abin da bai dace ba.

Kafin a taɓa komai, a san dardumar

Minti biyar da za a ɓata ana duba dardumar su ne suke raba aiki mai kyau da ɓarna. A juya ta a dubi bayanta. Idan ana ganin zanen gaba ya fito a baya, ana kuma ganin zare yana hawa kan zare, saƙa ce zalla. Idan bayan yana da wani fari-farin shafi mai tauri, ko an manna masa ƙyalle ko buhu, to gam ne yake riƙe da gashin dardumar. Irin wannan ita ce ta fi tsoron kananzir, domin abin da yake narkar da cingam shi ne yake narkar da gam ɗin. Alamar an yi ɓarna ita ce bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ko gashin ya riƙa fita idan an ja shi da yatsa.

Sai a dubi fuskar. Akwai shimfiɗaɗɗiyar saƙa marar gashi, inda zaren kwance yake ratsa zaren tsaye, cingam kuma yana shiga 'yan ramukan da ke tsakaninsu. Akwai mai gashi, irin yawancin sallayu da kafet ɗin da ake sarowa daga kasuwannin Kano, inda cingam yake kama kawunan gashin ya dunƙule su. Yadda za a kankare kowacce daban ne, za a zo kansa.

Abu na uku shi ne irin zaren. A zaro ɗan guntun zare daga geza ko daga baya inda ba a gani, a fita da shi waje, a kama shi da matsefata a kusantar da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu da yake murmushewa a yatsa. Zaren roba yana tsukewa ya narke ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murmushewa. Wannan gwaji ya fi dogara da abin da aka faɗa a kasuwa, domin da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan ulu roba ne. Kowane zare da abin da yake ƙi. Auduga tana shan mai, kuma rininta yana iya zuba. Gashin tumaki ba ya jure bilic ko kanwa ko ruwan toka, kuma idan aka haɗa masa ruwan zafi da guga mai ƙarfi sai ya cukurkuɗe ya dunƙule, ba ya komawa daidai. Zaren roba bai damu da ruwa ba, rininsa ma ba kasafai yake zuba ba, amma yana tsoron zafi kuma yana riƙe maiƙo.

Aikin ƙanƙara

A ɗauki misalin darduma mai ɗan gajeren gashi, zaren roba, bayanta saƙa ce, an taka mata cingam ya baje kamar faɗin murfin kwalba, yau kwana biyu. Irin wannan ita aka fi haɗuwa da ita. Kayan aikin su ne ledar fiya wata biyu ko uku da suka daskare sarai, gishiri, ledoji biyu marasa huji, cokalin ƙarfe, tsinken sakace ko allura babba, farin tsumma na auduga, da faranti ko tire na ƙarfe. A ƙauyen da babu wuta, ƙanƙara tana samuwa wurin masu sayar da lemo da zoɓo, musamman ranar kasuwa, kuma yanzu shaguna da yawa suna da firiza mai aiki da sola. A naɗo ta a buhu ko a kula. Ledar da rabinta ya zama ruwa ba za ta yi wannan aiki ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe bayan asuba, kafin ƙasa ta ɗau zafi. A cikin hunturu, lokacin da safiya take sauka ƙasa da digiri 15, rabin aikin yanayi ya riga ya yi shi. A shimfiɗa dardumar a inuwa, a tura farantin ƙarfen a ƙarƙashin wurin da cingam yake. Amfanin farantin biyu ne: yana raba dardumar da ɗumin daɓe ko siminti, kuma yana ba cokali wuri mai tauri da zai danna a kai.

Ƙanƙara ita kaɗai, idan ta fara narkewa, tana tsayawa a digiri sifili. Wannan yana taurara cingam, amma wani irin yana da robar da ba ta saurin daskarewa, sai ya yi tauri a sama, ciki kuma yana nan da danƙo. Gishiri ne maganin wannan. Idan aka farfasa ƙanƙara aka cakuɗa ta da gishiri, kashi uku na ƙanƙara da kashi ɗaya na gishiri, sanyin yana sauka ƙasa da sifili da nisa, iyakarsa wajen digiri 21 ƙasa da sifili. A aikace, a fasa leda ɗaya ta rabin lita da muciya ko dutse, a juye a cikin leda, a zuba gishiri kamar cikin tafin hannu biyu, a girgiza, a ƙulle, a sake sakawa cikin leda ta biyu a ƙulle. Ledar biyu dole ce. Ruwan gishiri idan ya zuba a darduma yana barin farin zobe bayan ya bushe, kuma yana jawo laima lokacin damina. Sannan wannan haɗi yana iya ƙona fata da sanyi idan aka daɗe ana riƙe da shi, don haka a kama shi da tsumma, kada a ba yara.

A ɗora ƙullin a kan cingam a danna, a rufe da wani tsumma don kada iska ta cinye sanyin, a bar shi minti 10 zuwa 15. Idan akwai ƙanƙara isasshiya, a sa wata ledar a ƙarƙashi, tsakanin faranti da bayan dardumar, sanyi ya kama ta sama da ƙasa. Yadda za a gane ya yi shi ne a ƙwanƙwasa da bayan cokali. Idan ya yi ƙara kamar an taɓa busasshen wake, kuma farce ba ya lotsa shi, ya yi. Idan farce ya bar shaida, a mayar da ƙanƙarar.

Daga nan aikin na sauri ne, domin da an ɗauke ƙullin cingam yana fara komawa laushi cikin minti ɗaya ko biyu, a bazara ma bai kai haka ba. Da farko a lanƙwasa dardumar daidai ƙarƙashin tabon, fuskar tana waje, yadda gashin zai buɗe. Daskararren cingam ba ya iya bin lanƙwasar, sai ya tsattsage, wani lokaci babban yanki ya ɓalle da kansa. Wannan dabara ita ce darduma ta fi kafet ɗin da aka manne a ɗaki da ita, kuma mutane da yawa ba sa amfani da ita. Sai a sa bakin cokali a gefen tabon, a tura daga waje zuwa tsakiya, ana ɗagawa sama. Ba a turawa daga tsakiya zuwa waje, domin hakan yana kai ɓarɓashi kan zare mai tsabta. A shafa dardumar da tafin hannu a ji inda gashin yake kwanciya, a bi wannan hanya da cokalin. Duk ɓarɓashin da ya fita a tsince shi nan take a jefa a kwano. Idan aka bar shi a kan dardumar zai yi ɗumi ya sake mannewa a sabon wuri, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu suke gama aiki su tarar da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe kewaye da inda babban yake.

Da zarar cokali ya fara jan zare-zare na danƙo maimakon ɓallewa, a tsaya. Ci gaba a wannan lokaci shafa cingam ne a jikin gashin. A goge raɓar da ta taru da busasshen tsumma, a mayar da ƙanƙara minti biyar, a sake. Tabo irin na misalinmu yakan ɗauki zagaye uku ko huɗu. Zagaye na farko yana ɗauke tudun sama. Na biyu da na uku suna raba gashin da ya dunƙule. Na ƙarshe aikin tsinke ne da matsefata, ana bin gashi ɗaya-ɗaya ana zare ɗan abin da ya naɗe a gindinsa. Wannan zagaye shi ne mai cin rai, kuma shi ne ya fi cancantar haƙuri, domin duk ƙwayar da aka cire a bushe an rage man da za a sa daga baya.

Shimfiɗaɗɗiyar saƙa marar gashi tana buƙatar hannu mai sauƙi fiye da haka. A nan cokali yana bin layin zaren kwance, wato yadda zaren da ake gani a fuska ya miƙe. Idan aka kankara a gicciye, bakin cokali yana kama zare ya jawo shi ya yi kunne, ko ya tura zarurruka gefe ɗaya ya buɗe rami a saƙar. Cingam ɗin da ya shige ramukan kuma ba a haƙo shi ta sama. A juya dardumar, a daskarar da wurin ta baya, a tura shi da tsinke ya fita ta inda ya shigo. Idan zare ya riga ya yi kunne, kada a yanke shi. A sa allura a ja shi zuwa baya, a miƙar da saƙar da hannu biyu ya koma mazauninsa. Zaren da aka yanke a irin wannan saƙa farkon warwara ne.

Ƙaramar sallaya tana da hanya mafi sauƙi. A ninke ta cingam yana waje, a sa ta a babbar leda mai tsabta, a roƙi mai shago ya ajiye ta a firiza awa ɗaya zuwa biyu. Firizar da ke aiki sosai tana kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, kuma dukan sallayar ce take yin sanyi, don haka cingam ba ya saurin sakewa. A tafi da cokalin, a yi kankarar a wurin da an fito da ita. Wanda ya ɗauko ta ya taka zuwa gida a rana ya yi asarar sanyin a hanya.

Abin da ya rage bayan ƙanƙara

Ko an yi aiki mai kyau, yawanci akan bar ɗan danƙo-danƙo da ido ba ya gani sosai amma yatsa yana ji. Ba a barinsa, domin ƙura tana manne masa, cikin mako biyu wurin ya yi baƙi. Nan ne wurin mai, kuma a nan ne ya kamata a yi rowa.

Ga dardumar misalinmu, man gyaɗa ya fi kananzir aminci: bai kai shi cutar da gam ba, ba ya kama wuta da sauƙi, ba ya barin wari a abin da ake sallah a kai. A ɗiga ɗigo uku ko huɗu a kan farin tsumman da aka naɗe a yatsa. A kan tsumma ake ɗigawa, ba a kan darduma ba. A kama gashin da ke da danƙo tsakanin yatsu biyu a murza a hankali daga gindi zuwa sama, a bar shi minti biyu ko uku, sannan a share da wani busasshen gefen tsumman. Za a ga launin toka-toka yana fitowa a tsumman. A riƙa canza gefe, domin gefen da ya ɗauki cingam mayar da shi yake yi. Dole tsumman ya zama fari, saboda mai launi yana iya zuba a kan dardumar, kuma a fari ne ake ganin ko rinin dardumar ya fara fita. Duk aikin bai kamata ya ci fiye da rabin ƙaramin cokali na mai ba.

Man kansa tabo ne, sai an fitar da shi. A barbaɗa garin sitaci ko dakakken alli a wurin, a danna, a bar shi awa biyu ko uku ya tsotse, a kakkaɓe. Sai a haɗa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke a rabin lita na ruwa mai ɗumi kaɗan. A jiƙa tsumma a matse, a riƙa dannawa ana ɗagawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. A biyo da tsumman ruwa zalla sau biyu ko uku har kumfa ta ƙare. Sabulun da aka bari a zare shi ma yana kama ƙura, kuma sau da yawa baƙin da yake dawowa bayan wata guda ba cingam ba ne, ragowar sabulu ne ko mai. Idan babu sabulun ruwa, ɗan omo da aka narkar sarai zai yi wa zaren roba da auduga, amma kada ya kusanci gashin tumaki.

Idan dardumar farar auduga ce ko mai haske, man gyaɗa ba shi ne zaɓin farko ba, domin auduga tana shanye shi ta bar rawaya-rawaya. Sifirit na kemis, wanda ake goge wurin allura da shi, ya fi dacewa. Yana kashe danƙon wani ɓangare na cingam, kuma yana bushewa bai bar maiƙo ba. Aibinsa shi ne yana iya tayar da rini. A fara gwada shi a wani lungu na baya: a danna jiƙaƙƙen tsumma na minti ɗaya, in launi ya fito a tsumman, a haƙura da shi. Yana kuma kama wuta, don haka a nisanci murhu.

Kananzir yana aiki, babu musu, ya ma fi man gyaɗa saurin narkar da cingam. Amma wurinsa ƙarami ne: darduma mai duhun launi, bayanta saƙa zalla ba gam, cingam ɗin kuma tsoho ne da ya ƙi sauran hanyoyin. Ko a nan, ɗigo biyu a tsumma, a waje, nesa da wuta, a biyo da sabulu nan da nan, kuma a san warin zai yi kwanaki. A kuma tuna cewa ana samun kananzir ɗin da aka gauraya da fetur, wanda ba a gane shi da ido. Fetur kuwa kada a kawo shi gida don wannan aiki ko kaɗan. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashin murhu ko fitila daga nesa, wutar kuma ta biyo shi ta dawo. Babu dardumar da ta kai wannan kasada.

Maganar dutsen guga da reza

Ana yawan ba da shawarar a ɗora takarda ko kwali a kan cingam a bi da dutsen guga, ya narke ya manne a takardar. A kan wandon auduga wannan yana iya yin aiki. A kan darduma mai gashi, cingam ɗin da ya narke ƙasa yake bi, ya kai gindin gashin inda ba tsinken da zai iso shi. Ga kuma haɗarin zaren. Yawancin dardumomi masu sauƙin kuɗi ana yin su da robar da ake kira folifirofilin, wadda take narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165, alhali dutsen guga a zafin gugar auduga yana kaiwa wajen 200. Dutsen gawayi kuwa ba shi da ma'auni sam. Daƙiƙa kaɗan sun isa gashin ya kwanta ya yi ƙyalli ya yi tauri, da siffar dutsen a jiki, kuma narkakken zare ba ya gyaruwa. Ruwan zafi da shanya a rana kafin a cire cingam duk hanya ɗaya suke bi, laushi suke ƙara masa.

Reza tana da ɗan wuri, a darduma mai dogon gashi kawai. Idan bayan komai an bar 'yan kawunan gashi biyar ko shida da suka ƙi saki, ana iya datse kan kowanne da ƙaramin almakashi, kamar tsawon ƙwayar gero, ba za a gane ba. Abin da ba a yi shi ne a kwantar da reza a aske wurin gaba ɗaya. A gajeren gashi wannan yana barin kwari da haske yake nunawa daga bakin ƙofa, a shimfiɗaɗɗiyar saƙa kuma yana yanke zaren da yake riƙe da sauran.

Tsohon cingam da ya yi watanni, ya haɗiye yashi ya yi baƙi ya daskare kamar kwalta, yana ba mutane tsoro, amma yashin da ya sha ya rage masa danƙo, kuma ƙanƙara tana farfasa shi fiye da sabo. Matsalarsa ita ce inuwar da yake bari. Sau da yawa bayan an cire shi sai a ga wurin ya fi sauran dardumar haske, domin ya rufe zaren daga ƙura da rana duk tsawon lokacin. Wannan ba lahani ba ne, wanke dardumar gaba ɗaya yana daidaita shi. Idan kuma cingam ɗin mai launi ne, ja ko kore, ya rina farar auduga, sabulu da ruwan sanyi sau biyu ko uku yana rage shi. Kada a ɗiga bilic a wuri ɗaya, zai bar farin tabo da ya fi na farko fitowa.

Tabarmar roba da ta kaba ba su da wannan wahala duka. Ta roba ƙanƙara da cokali sun ishe ta, a wanke da omo. Ta kaba a bi tsawon kabar da tsinke, kada a sa mata mai domin tana shanye shi ta yi duhu, kuma kada a jiƙa ta da yawa.

Saura bushewa. A ɗora busasshen tsumma mai kauri a wurin da aka wanke, a taka shi da ƙafa ya tsotse ruwan, a canza wani a sake. Sai a rataya dardumar a igiya ko a katanga a inuwa mai iska, bayanta ma yana samun iska. Rana mai ƙarfi tana koɗar da rini, kuma tana busar da gefen jiƙaƙƙen wurin da sauri ya bar zobe. A rani awa biyu zuwa uku sun isa. A damina a taɓa bayan da hannu kafin a shimfiɗa, domin fuska tana bushewa ta bar baya da laima, kuma dardumar da aka mayar kan daɓe da laima tana yin fumfuna da wari cikin 'yan kwanaki. Idan ta bushe sarai, a taje gashin wurin da tsohon buroshin haƙori ta hanyar da sauran gashin yake kwanciya, sannan a danna tafin hannu a ɗaga. In hannu ya ɗan kama, akwai sauran danƙo, a maimaita matakin mai da sabulu a wannan ɗan wurin kawai kafin a bari a taka.